An cire mini kuɗin keken ɗinki sau biyu: yaya zan rubuta wa banki?

Assalamu alaikum, Yaya. Ni tela ce a Garwa. Ranar 8 ga Maris da yamma na sayi keken ɗinki na sefa 86,500 a shagon wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, na biya da katin banki. Da na sa lambar sirri sai na'urar ta tsaya cik, yaron shagon ya ce bai shiga ba, na sake sawa, aka ba ni rasit ɗaya. Ina isa gida na ga saƙo biyu a waya, na ƙarfe 4:42 da na 4:44, kowanne an cire 86,500. Alhaji ya ce sau ɗaya kuɗi ya shigo masa. Na je banki sau biyu, ana ce mini in jira zai dawo da kansa, yau mako uku ke nan. Kuɗin makarantar yarana ne. Maigidana ya ce in bar wa Allah kada in ɓata zumunci da Alhaji. Ina so in rubuta wa bankin takarda, amma ban san abin da zan faɗa ba, kuma ina tsoron a ce na zargi dattijo da cin amana.

Wata mai karatu daga Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki rubuta takardar, kuma ki kai ta cikin makon nan. Za ki iya yin haka ba tare da kin ɗora wa Alhaji laifin komai ba, domin takardar da ta fi saurin dawo da kuɗi a irin wannan matsala ita ce wadda ba ta zargi kowa ba, ta tsaya kan nuna cewa ciniki ɗaya aka yi amma asusu ya biya biyu. Na san nauyin da ke zuciyarki, ga haƙƙin yara a gefe guda, ga kunyar aminin uba a ɗaya gefen, amma in kika fahimci yadda kuɗin ke tafiya daga katinki zuwa asusun ɗan kasuwa za ki ga cewa ba dole ba ne ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya.

Biyan kuɗi da kati mataki biyu ne, kodayake a idon mai saye kamar abu ɗaya ne. Lokacin da kika sa lambar sirri, na'urar shagon tana aika tambaya ta hanyar bankin ɗan kasuwa zuwa bankinki, ko akwai kuɗin a asusunki. In bankinki ya amsa da cewa akwai, sai ya ba da wata gajeriyar lambar amincewa, yawanci mai alama shida, ya kuma riƙe kuɗin a gefe don kada ki kashe shi. A daidai wannan lokacin ne saƙo ke shigowa wayarki. Amma kuɗin bai riga ya isa hannun ɗan kasuwa ba. Sai bayan na'urarsa ta tura jimillar cinikin ranar zuwa bankinsa, bankunan biyu sun daidaita lissafi a tsakaninsu, sannan ake rubuta cirar a asusunki ta zama tabbatacciya. Saboda haka saƙon waya shaida ce cewa an nemi kuɗi kuma bankinki ya amince, amma shi kaɗai bai nuna inda kuɗin ya kwana ba.

Abin da ya fi kama da naki shi ne, a karon farko bankinki ya amince ya riƙe kuɗin, amma amsar ba ta koma ga na'urar ba saboda hanyar sadarwa ta yanke, abin da duk mai ciniki a garuruwanmu na arewa ya saba gani. Na'urar da ba ta sami amsa ba tana ɗaukar cinikin a matsayin wanda bai yiwu ba, kuma ya kamata ta aika saƙon sokewa domin a saki kuɗin. In wannan saƙon ma ya ɓata a hanya, sai kuɗin ya maƙale: ya fita daga abin da za ki iya kashewa, bai kuma shiga wurin Alhaji ba. A wannan hali Alhaji gaskiya ya faɗa, yaron shagon ma gaskiya ya faɗa, kuma ma'aikacin bankin da ya ce ki jira bai yi ƙarya ba a zuwanki na farko, domin irin wannan riƙon yakan warware da kansa cikin 'yan kwanaki. Sai dai mako uku ya wuce lokacin da ya dace ki ci gaba da jira a kan maganar baki. Akwai kuma wata hanyar da abin ke faruwa, wato cinikin biyu duka sun shiga lissafin na'urar kuma an biya shagon sau biyu, Alhaji bai lura ba. Wannan ma ba ya nufin cin amana, domin bankuna sukan zuba wa ɗan kasuwa kuɗin cinikin kati na yini guda a dunƙule bayan sun cire ladansu, kuma wanda bai zauna ya gwada rasit da rasit ba, yana iya rantsewa da zuciya ɗaya cewa bai ga ƙari ba.

Don haka kafin ki ɗauki alƙalami, ki je reshen bankinki ki nemi takardar bayanin asusu daga 1 ga Maris zuwa ranar da kika je, a buga miki a sa hatimi. Wataƙila a caje ki ɗan kuɗi a kanta, ki biya, domin ita ce ginshiƙin ƙorafinki. Ki duba ko 86,500 ya fito a layi ɗaya ne ko a layi biyu. In layi ɗaya ne, sai ki tambayi ma'aikacin ya gwada miki adadi biyu da ke kan allonsa, wanda ake rubutawa "solde comptable", wato abin da littafin banki ya ce kina da shi, da "solde disponible", wato abin da za ki iya cirewa yanzu. In na biyun ya gaza na farkon da 86,500 daidai, to kuɗinki yana nan a bankinki an riƙe shi kawai, kuma abin da za ki nema shi ne a saki riƙon, wanda aiki ne na cikin gida da bai buƙatar jiran bankin kowa. In kuwa layi biyu ne, to an cire da gaske, kuma dole bankinki ya bi kuɗin zuwa bankin ɗan kasuwa. A nan ki roƙi a rubuta miki lambar amincewa ta kowace cira. In lambar iri ɗaya ce a layukan biyu, ciniki ɗaya ne aka shigar sau biyu, kuskuren da ba a jayayya a kansa. In lambobin sun bambanta, kamar yadda nake zato tun da sau biyu kika sa kati, to wadda ta yi daidai da ta kan rasit ɗinki ita ce biyan keken, ɗayar kuma ita ce kuɗin da kike nema.

Ina so ki tsaya da kyau a kan wannan gaɓar, domin a nan mutane da yawa suke ɓata ƙorafinsu da hannunsu. Cikin ɓacin rai sai mutum ya rubuta cewa an cire masa kuɗi ba da saninsa ba, ko an sace masa kuɗi a asusu. Banki yana karanta irin wannan magana a matsayin rahoton zamba, sai ya toshe katin, ya bincika, ya tarar cewa katin yana cikin na'urar kuma an sa lambar sirri daidai a karo biyun, ya rufe maganar da cewa mai katin ce ta amince da kanta. Ke ba haka naki yake ba, kuma kada ki ɓoye cewa kin sa lambar sau biyu. Ki faɗa a fili cewa kin sa ta, ki faɗi dalili, sannan ki nuna cewa keke ɗaya kika karɓa kuma rasit ɗaya aka ba ki. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da sashe na musamman a ƙa'idojinsu don cirar da aka maimaita, dabam da sashen zamba, kuma yadda kika bayyana matsalar shi ke sa ma'aikacin ya shigar da ita ta ƙofar da ta dace.

Yanzu maganar Alhaji. Ki koma wurinsa, kuma ina ganin ya fi kyau ki tafi tare da maigidanki, bayan sallar la'asar ko wani lokacin da shago ba cunkoso. Ki gaishe shi yadda kika saba gaida uba, ki ce masa, Baba, banki ya riƙe mini kuɗi kuma ina buƙatar taimakonka in karɓo. Abu biyu za ki roƙa. Na farko shi ne takardar ciniki mai hatimin shago da ke nuna keke ɗaya a kan 86,500 ranar 8 ga Maris, in ba a riga an ba ki ba. Na biyu shi ne ya sa yaronsa ya nemo rasit na rufe cinikin wannan rana da na'urar ke bugawa, wanda ke jera kowane ciniki da lokacinsa, ko kuma ya tambayi bankinsa. In ciniki ɗaya ne a jerin, sai ya rubuta miki layi biyu cewa sau ɗaya aka biya shi, ya sa hannu da hatimi, kuma wannan takardar za ta wanke shi ta kuma ƙarfafa ki a lokaci guda. In biyu suka fito, dattijon da ya yi aminci da mahaifinki ba zai so ya kwana da kuɗin karatun jikokin amininsa ba, zai iya mayar miki ta na'urar ko ya ba ki a hannu. In ya ba ki a hannu, ku rubuta 'yar takarda ku sa hannu ku biyu, kuma in kin riga kin kai ƙorafi sai ki sanar da banki a rubuce cewa an biya ki, don kada a sake cire kuɗin daga asusunsa ya zama ke ce kika ci nasa.

Game da maigidanki, ina ganin tsoronsa na ɓacin zumunci abu ne da ya kamata a girmama, kuma mai yiwuwa ya ɗauka rubuta takarda daidai yake da kai ƙara. Ki nuna masa takardar kafin ki kai, ya karanta da idonsa ya ga babu kalma ɗaya ta zargi a ciki, kuma banki ake magana da shi. Barin abu ga Allah bai hana neman haƙƙi ta hanyar da ta dace, ballantana haƙƙin da na yara ne.

Ita takardar, shafi ɗaya ya isa. Bankunan Kamaru da Faransanci ko Turanci suke aiki, a Garwa kuwa Faransanci ya fi tafiya, don haka in ba ki saba rubutu da shi ba ki tsara abin da kike so da Hausa, ki sami wanda kika yarda da shi ya juya miki, ki kuma duba da kanki cewa adadi da ranaku da lokuta ba su canja ba. A sama ki sa sunanki kamar yadda yake a asusu, da lambar waya, da lambar asusu, da gari da kwanan wata. Ki aika ta ga shugaban reshen da asusunki yake. A layin batu ki tabbatar an rubuta kalmar "Réclamation", domin ita ce sunan da ke kan rajistarsu da fom ɗinsu, kuma ita ke bambanta ƙorafi da roƙon alfarma. Ga yadda cikinta zai iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, ina da asusu a wannan reshe mai lambar da ke sama, da kati wanda lambobinsa huɗu na ƙarshe su ne kaza. Ranar 8 ga Maris na sayi keken ɗinki guda ɗaya a shago kaza da ke Garwa a kan sefa 86,500. Da ƙarfe 4:42 na yamma na sa katina da lambar sirri, na'urar ta tsaya ba ta fitar da rasit ba, mai shagon ya shaida mini cewa biyan bai shiga ba. Da ƙarfe 4:44 na sake biya, aka ba ni rasit mai lambar amincewa kaza. Bayanin asusuna ya nuna an cire sefa 86,500 sau biyu, jimilla 173,000, a kan ciniki ɗaya. Na amince da cirar ƙarfe 4:44, ban amince da ta ƙarfe 4:42 mai lamba kaza ba. Na zo reshenku ranar kaza da ranar kaza na yi bayani da baki, har yau kuɗin bai dawo ba. Ina neman a mayar da sefa 86,500 cikin asusuna, tare da duk wani caji da wannan cirar ta jawo, cikin kwana goma sha biyar daga ranar da aka karɓi wannan takarda. In binciken zai wuce haka, ina neman a sanar da ni a rubuce matakin da ake da ranar da zan sami amsa. Na haɗa kwafin rasit, da takardar ciniki, da bayanin asusu, da hoton saƙonnin biyu, da katin shaidata."

In bayanin asusun ya nuna riƙo ne kawai, sai ki canja jimlar tsakiya ki ce an cire sau ɗaya kuma an riƙe wani 86,500 tun ranar 8 ga Maris, kina neman a sake shi. Kwana goma sha biyar ɗin nan shawarata ce, na sa shi ne domin takardar da ba ta da wa'adi takan kwana a ƙasan tari. Maganar caji kuwa ki duba ta da gaske, domin in cirar ta biyu ta sa asusunki ya shiga bashi, ko ta sa wani biya ya ƙi wucewa aka ci ki tara, wannan ma asara ce da kuskuren ya jawo kuma kina da damar neman ta. Kada ki cika takardar da labarin wahalar da kika sha. Jimla ɗaya da ke cewa kuɗin na makarantar yara ne ba za ta yi illa ba, amma wanda zai yi aikin lambobi da ranaku yake nema.

Kada ki rubuta cikakkiyar lambar katin, kada ki rubuta lambar sirri, kada kuma ki ba da lambobi ukun da ke bayan katin, ko a takarda ko a waya. In wani ya kira ki bayan kin kai ƙorafi ya ce daga banki yake, zai mayar miki da kuɗi in kin karanto masa lambar da aka turo wayarki, ki kashe wayar ki je reshe da ƙafarki. Sannan ki yi hoton rasit ɗin na'urar yau ɗin nan, domin irin takardarsa rubutunta yana gogewa, kuma zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana iya mayar da shi fari fat ko baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci in yana cikin jaka. Asalin takardun su zauna a hannunki, kwafi kawai za ki miƙa.

Ki buga takardar kwafi biyu. Ki miƙa ɗaya, ɗayar kuma a buga mata hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu a dawo miki da ita, kuma ki nemi lambar da aka yi wa ƙorafin rajista da ita. Wannan hatimin shi ne bambancin zuwanki na uku da na biyun farko, domin daga ranar da aka buga shi akwai shaidar cewa banki ya sani. In aka ba ki fom na musamman na jayayya kan cinikin kati, ki cika shi, ki liƙa takardarki a jikinsa, kada ki bar fom ɗin ya maye gurbinta. In wanda ke kanta ya ƙi karɓa, ki nemi ganin mai kula da asusunki ko shugaban reshe cikin ladabi. In hakan ma bai yiwu ba, ki aika ta gidan waya a matsayin wasiƙa mai rajista wadda ake dawo da shaidar an karɓa.

Dalilin da ya sa nake matsa miki ki yi sauri shi ne, bankinki ma yana da wa'adin da zai iya neman kuɗin daga bankin ɗan kasuwa. A ƙa'idar Visa wa'adin irin wannan jayayya kwana 120 ne, a ta Mastercard kuma kwana 90 ne ga cirar da aka maimaita, ana ƙirgawa daga lokacin da aka shigar da cinikin. In katinki na GIMAC ne, wato tsarin da ke haɗa bankunan ƙasashen yankinmu, ki tambayi reshe wa'adin da ke kansa, ki kuma duba yarjejeniyar da kika sa wa hannu ranar karɓar kati, domin wasu bankunan suna sa wa abokan hulɗarsu wa'adin da ya fi wannan gajarta. Mako uku ya riga ya tafi, kuma kowane "ki dawo mako mai zuwa" yana cin wannan lokacin ne.

In kwana goma sha biyar suka cika ba kuɗi ba amsa, ki rubuta gajeriyar tunatarwa mai ɗauke da lambar ƙorafin da ranar hatimi, ki aika kwafinta ga sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na babban ofishin bankin. A cikinta za ki iya ambaton dokar kare masu hulɗa da bankuna ta ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, mai lamba 01/20/CEMAC/UMAC/COBAC, wadda aka zartar ranar 3 ga Yuli 2020. Tana aiki a Kamaru da Cadi baki ɗaya, tana wajabta wa bankuna su tanadi hanyar karɓar ƙorafin abokan hulɗa da amsa shi, kuma hukumar COBAC ce ke sa ido a kansu. Dokar ta kuma tanadi sasanci a wajen banki ga wanda bai gamsu da amsar da aka ba shi ba, ƙarƙashin kwamitin tattalin arziki da kuɗi na kowace ƙasa, wanda ake kira CNEF. Sharaɗin zuwa can shi ne a ga cewa kin fara kai kukanki ga bankin a rubuce, kuma kwafinki mai hatimi shi zai nuna haka. In amsar banki ta zo da ƙi, ki nemi a ba ki dalilin a rubuce tare da shaidar cewa an biya shagon kuɗin ƙarfe 4:42, domin da wannan shaidar za ki iya komawa wurin Alhaji da hujja a hannu, shi ma ya bi bankinsa.

Kafin kuɗin ya dawo, ki je makarantar yaran da kwafin takardar mai hatimi ki nuna wa mai karɓar kuɗi, ki roƙi a ɗaga miki ƙafa ko a karɓi wani kaso yanzu, domin in sai an bi ta bankin ɗan kasuwa abin yana iya ɗaukar makonni. Nan gaba kuma in na'ura ta tsaya, kada ki sake sa kati sai kin duba wayarki kin ga ko saƙon cira ya shigo, kuma ki nemi a buga miki rasit na cinikin da bai yiwu ba ki ajiye. Allah ya mayar miki da haƙƙinki cikin sauƙi, ya sa wa keken albarka. Ki rubuto mini abin da bayanin asusun ya nuna, layi ɗaya ne ko biyu, in akwai gyaran da takardar ke buƙata sai mu yi tare.